Muhawara: A waɗanne watanni ya kamata a yi wa kajin gida rigakafin annobar hunturu?

Hajiya Balaraba, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya a kan annobar nan da ke share mana kaji duk lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa, wadda malaman dabbobi suke kira Niyukasal. A tsakiyar watan Oktoban bara na kira mai allura ya yi wa kajina rigakafi, kamar yadda aka ba mu shawara, amma da watan Fabrairu ya kama sai cutar ta shigo unguwarmu, ta kashe mini fiye da rabin abin da ke cikin akurki. Sai ka ga kaza ta takure ta saki fikafikai har suna jan ƙasa, tana kashi kore mai ruwa, wata kuma wuyanta ya murɗe tana kallon sama, kafin kwana biyu ko uku ta mutu. Abin da nake son sani shi ne, allurar ce ba ta da kyau, ko kuwa lokacin da na yi ta ne bai dace ba? Idan akwai tsari na watanni da ya kamata mai kajin gida ya bi, ina roƙon wanda ya sani ya bayyana mana shi dalla-dalla.

Alhaji Ɗanjuma, Ngawundare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Lokacin da kika zaɓa daidai ne, domin ni ma da ruwa ya ɗauke nake yi wa nawa, sau ɗaya a shekara, kuma na daɗe ban ga wannan masifa a gidana ba. Ina kyautata zaton maganin da aka kawo miki ya riga ya lalace, saboda masu yawo da shi a kan babur ba duka ne suke kula da sanyinsa ba. Ki sauya mai allura kawai, ki nemi wanda zai buɗe kwalbar a gabanki daga cikin ƙanƙara.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Hajiya, kafin mu ɗora wa maganin laifi, ina so ki amsa mini tambayoyi uku. Kaji nawa aka yi wa allurar a Oktoba, kuma akwai waɗanda aka tsallake? Tsakanin Oktoba da Fabrairu, nawa suka fita daga gidan, nawa kuma suka shigo, ko ta ƙyanƙyasa ko ta saye? Ta ukun ita ce mafi muhimmanci: waɗanda suka mutu, a cikin waɗanda aka yi wa allura suke ko a cikin sauran?

Hajiya Balaraba, Garwa:
Malam, manya 20 aka yi wa. Akwai 'yan tsaki 9 da mai allurar ya ce sun yi ƙanana, a bari su yi ƙwari, kuma bai sake dawowa ba. A cikin manyan na sayar da 6 gabanin Kirsimeti da kasuwa ta yi kyau, muka yanka 2 a gida. Kaji uku sun yi kwanci tsakanin Nuwamba da Disamba, kuma bayan abin da shaho da sanyi suka ɗauka, 'yan tsaki 15 ne suka rage. A Janairu maigidana ya sayo zakaru biyu a kasuwar Fitowa ranar wata Lahadi, muka sake su cikin sauran a daren. Waɗanda suka mutu kuwa, yanzu da na zauna na lissafa, kusan duk matasan ne da zakarun nan biyu. A cikin tsofaffin da aka yi wa allura guda ɗaya ce ta mutu.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
To Hajiya, lissafinki ya ba da amsa. A ranar da cutar ta shigo kina da kaji 38 a gida: tsofaffi 12 da suka rage daga cikin 20, da 'yan tsaki 9 da aka tsallake, da sababbi 15, da zakaru 2 na kasuwa. Waɗanda suka taɓa ganin rigakafi 12 ne kacal, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, kuma a cikinsu 11 sun rayu a tsakiyar annoba. Maganin da ya lalace ba ya yin haka. Allurar ta yi aikinta a kan waɗanda ta shiga jikinsu, matsalar ita ce garken da kika yi wa allura a Oktoba ba shi ne garken da ke gidanki a Fabrairu ba.

Wannan shi ne abin da ya sa tsarin sau ɗaya a shekara ba ya riƙe kajin gida. Kaza tana kwanci kwana 21 ta fito da 'ya'ya, kuma kazar Hausa takan yi haka sau uku a shekara, wata ma har huɗu. A ɗaya gefen kuma manyan da aka yi wa rigakafi su ne ake kaiwa kasuwa idan an matsu, su ne ake yankawa idan an yi baƙo ko suna. Saboda haka a kowane wata masu kariya suna raguwa, marasa kariya suna ƙaruwa, ko da maganin yana nan da ƙarfinsa a jikin waɗanda aka yi wa. Gaskiya ne cewa uwar da aka yi wa rigakafi tana ba wa ɗan tsako kariya ta cikin ƙwai, amma wannan kariya tana dushewa cikin mako biyu zuwa uku, daga nan ɗan tsakon ya zama tamkar ba a taɓa yi wa danginsa komai ba.

Tsarin da nake ba mutane a yankinmu shi ne zagaye uku a shekara, wata huɗu tsakanin kowanne: Oktoba, Fabrairu da Yuni. Na Oktoba shi ne uban sauran, domin jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu bayan rigakafi kafin kariya ta kafu, kuma muna so ta kafu kafin hunturu ya shigo a Nuwamba, kafin kuma kasuwannin ƙarshen shekara su cika da kajin da aka kwaso daga ƙauyuka daban-daban. Na Fabrairu yana kama duk abin da aka ƙyanƙyashe bayan Oktoba, ya kuma sabunta wa tsofaffi kariya su ƙarasa rani. Na Yuni shi ne mutane suka fi rainawa, saboda damina ta sauka, kowa yana gona, kuma ba a jin labarin mutuwa, amma in aka bar shi za a iske Oktoba da garke wanda mafi yawansa bai taɓa samun komai ba, kuma cutar ba ta yi alkawarin jiran rani kullum ba.

Alhaji Ɗanjuma, Ngawundare:
Malam Sani, na ji bayaninka, amma ni abin da na gani da idona nake faɗa. Sau ɗaya nake yi, kuma kajina suna nan. In har sau uku wajibi ne, me ya hana nawa mutuwa?

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Alhaji, ban musanta abin da kuka gani ba. Ku gaya mana yadda kuke kiwon, wataƙila a nan bambancin yake.

Alhaji Ɗanjuma, Ngawundare:
Gidana kewaye yake da katanga, kajin ba sa fita waje, kuma ba na sayo kaza a kasuwa sam. 'Yan tsaki kuma yarona yana yi musu allura idan sun kai wata ɗaya ko fiye, domin akwai ragowar kwalba a firji.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Ashe ba sau ɗaya kuke yi ba, Alhaji. Manyan ne kuke yi wa sau ɗaya, amma kowane rukunin 'yan tsaki yana samun nasa a kan kari, kuma katanga ta raba ku da kajin maƙwabta. Hajiya kuwa kajinta suna kiwo a bola ɗaya da na unguwa. Duk da haka zan ba ku shawara biyu. Allurar mai, irin wadda muke kira Itaniyu, wadda ake yi wa babbar kaza rabin mililita, kariyarta ta fi ta rigakafin da ake ɗigawa a ido daɗewa, amma mu a aikin ƙauye wata shida muke lissafa mata, don haka manyanku ma gara a maimaita musu wajen Afrilu. Na biyu, kwalbar da aka riga aka huda da allura ba a ajiye ta watanni ana komawa, saboda datti yana shiga, kuma idan ta taɓa daskarewa a firji ta lalace ko da launinta bai sauya ba. Wurinta shi ne inda sanyi yake tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba wurin ƙanƙara ba. Ku kuma gargaɗi yaron ya kiyaye yatsunsa, domin wannan mai idan ya shiga naman mutum yana kawo kumburi mai tsanani, wanda ya soki kansa sai ya tafi asibiti a ranar da kwalbar a hannunsa.

Habu Mai Kaji, Marwa:
Salamu alaikum. Ni ban ga abin wahala a nan ba. A gonata ina zuba maganin a ruwan sha a makon farko, in yi na wata cuta da ake kira Gumboro a mako na biyu, in maimaita Lasota, wato rigakafin Niyukasal ɗin, a mako na uku, shi ke nan har a sayar. Hajiya ta sayi kwalba ɗaya ta zuba musu a ruwa da safe, ba sai ta kama kowace kaza ba.

Malama Hadiza, Kusiri:
Habu, kai kajin gona kake magana, waɗanda suka zo rana ɗaya, suke ɗaki ɗaya, ake kuma sayar da su kafin wata biyu. Hajiya tana da kaka da jika a akurki ɗaya. Kuma kwalbar Lasota da na saba gani ta kaji dubu ce, mai kaji talatin ya yi yaya da ita?

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Malama Hadiza ta faɗi gaskiya. Tsarin Habu daidai ne a gonarsa, amma ba ya aiki ga kajin da ke yawo. Rigakafin ruwan sha yana buƙatar a hana kaji ruwa na ɗan lokaci, sannan kowace ta sha rabonta cikin kamar awa biyu kafin maganin ya mutu. Kazar gida kuwa da an buɗe akurki ta nufi gindin randa ko magudanar wanke-wanke ta sha, zakaru su mamaye kaskon maganin, 'yan tsaki ba su samu ba. Ga kuma ruwan famfo mai sinadarin kulorin, wanda yake kashe maganin tun kafin kaza ta sa baki.

Shi ya sa ga kajin gida na fi son ɗigon ido, musamman nau'in da ake rubutawa I-2 a jikin kwalba. An samar da shi a jami'ar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya da nufin kajin ƙauye, yana jure zafi fiye da Lasota, kuma ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya ga kowace kaza, daga ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe jiya har zuwa tsohon zakara. Da a ce da shi aka yi wa Hajiya aiki, da ba a tsallake 'yan tsakin nan 9 ba. Shi ne kuma wanda tsarin wata huɗu-huɗu ya dace da shi, domin kariyarsa ba ta wuce haka da yawa.

Yadda ake yi: a hana kajin fita tun daren jiya, a fara da sassafe a inuwa. Mutum ɗaya ya riƙe kazar ya kwantar da kanta gefe, ɗayan ya riƙe kwalbar ɗigon a tsaye, bakinta yana kallon ƙasa, ya saki ɗigo ɗaya a ido ba tare da bakin kwalbar ya taɓa idon ba. Kada a saki kazar nan take. A jira ɗigon ya shige, za ka ga ta ƙifta ido ta yi kamar tana haɗiya, domin ruwan yana gangarawa ta hanyar hawaye zuwa hanci da maƙogwaro. Idan ta girgiza kai ɗigon ya zube a gashi, a sake. Wadda aka gama da ita a fitar da ita waje, don kada a yi wa ɗaya sau biyu a bar wata. Mai ɗigon ya wanke hannu bayan ya gama, kada ya murza idonsa, saboda yana iya sa jan ido na kwana biyu.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne haɗa ruwa, idan maganin busasshe ne. Bakin kwalbar ɗigo ba duka ɗaya ba ne, don haka sai ka gwada taka tukuna: ka ɗebi mililita ɗaya na ruwa da sirinji, ka zuba a ciki, ka ƙirga ɗigo nawa zai fito. A ce 30 ka samu, kuma maganin na kaji 100 ne, to sai ka raba 100 da 30, ya ba ka mililita 3 da ɗan ƙari, kusan sulusi. Wannan shi ne ruwan da za ka narkar da maganin da shi. In ka zuba mililita 10 don ya wadaci unguwa, kowace kaza ta samu kashi ɗaya cikin uku na rabonta ke nan. A yi amfani da ruwan da aka haɗo da maganin, in babu a tafasa ruwan rijiya mai tsabta a bari ya huce sarai.

Malama Hadiza, Kusiri:
Malam, tun da an zo nan bari in kawo nawa. Shekarar da ta wuce, da muka ji kaji sun fara mutuwa a layin bayanmu, na yi maza na sa aka yi wa nawa ɗigon ido. Bayan kwana uku suka fara zubewa, kuma har yau maƙwabtana suna cewa rigakafin ne ya kashe su. Sun rantse ba za su ƙara bari a taɓa kajinsu ba. Ni kaina zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Malama, wannan shi ne abin da ya fi ɓata sunan rigakafi a ƙauyukanmu, kuma yana damuna ƙwarai. Cutar tana ɓuya a jikin kaza kafin ta bayyana, yawanci kwana biyar zuwa shida, wani lokaci har mako biyu. Kajin da suka fara mutuwa kwana uku bayan ɗigo sun riga sun kamu kafin mai ɗigon ya iso. Rigakafin bai samu mako biyun da yake buƙata ba, kuma ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Akwai abin da ya fi wannan muni: mai ɗigon da ya fito daga gidan da cutar take ya shiga na gaba yana iya ɗaukar ta a hannunsa da takalminsa da rigarsa. Saboda haka ƙa'idarmu ita ce ba a yi wa kaza marar lafiya, kuma ba a bin gida-gida a unguwar da mutuwa ta riga ta fara.

Musa Direba, Injamena:
To ai a nan tsarin naka yake da rami, Malam. Ka ce a yi a Fabrairu, ka kuma ce kada a yi idan cutar ta shigo. A wajenmu Fabrairu tsakiyar mutuwar kaji ne. Wanda ya bi maganarka zai iske ranar zagaye na biyu ta zo alhali unguwa tana cikin annoba, sai ya fasa, 'yan tsakinsa su mutu kamar na Hajiya.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Wannan suka ce mai ƙarfi, Musa, kuma kana da hujja. Watannin da na faɗa ba aya ba ne. Abin da ba ya sauyawa shi ne a gabaci cutar da kusan wata ɗaya, kuma kada tazara ta wuce wata huɗu. Idan dattawan garinku suka shaida cewa mutuwa takan fara ne a ƙarshen Janairu, sai ku ja tsarin baya ya zama Satumba, Janairu da Mayu. Wasu kuma suna barin Oktoba a wurinsa su ƙara wani ɗan zagaye a tsakiyar Disamba na 'yan tsaki kaɗai, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da irin gidan Hajiya, sai dai yana buƙatar a samu kwalba a lokacin da kuma isassun 'yan tsaki a unguwa da za su cinye ta.

Musa Direba, Injamena:
Ni a ganina allurar mai a Oktoba ta fi, tun da za ta ratsa rani gaba ɗaya ba tare da an sake kama manyan ba, sai a bar ɗigon ga ƙanana.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Akwai abokan aikina da ke kan wannan ra'ayi, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba. Ni abin da nake gani shi ne allura tana buƙatar wanda ya iya, da sirinji mai tsabta, kuma ta fi tsada a kan kowace kaza, yayin da ɗigo mace ɗaya a unguwa za ta iya koya cikin safiya guda. Inda akwai mai allura amintacce da zai dawo, haɗa su biyun yana da kyau. Inda babu, gara abu ɗaya da za a iya maimaitawa.

Inna Asabe, Garwa:
'Ya'yana, ina karanta ku ta hannun jikata. Mu tun tasowarmu ɓawon maɗaci muke jiƙa musu da barkono, yanzu kuma ana fasa kafso mai ja da rawaya a ruwa. Wasu suna tashi. Shin wannan ba ya cikin lissafi ne?

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Inna, Allah ya ƙara lafiya. Kafson nan maganin wasu ƙwayoyin cuta ne daban, ba ya taɓa irin ƙwayar da ke kawo wannan annoba, haka ma maɗaci. Waɗanda kuke gani sun tashi, ko dai wata cuta ce ta kama su mai kama da ita, ko kuma suna cikin 'yan kaɗan da jikinsu ke cin galaba da kansa, sau da yawa tsofaffin da suka tsira daga annobar wata shekara. Kuɗin kafson da za a yi ta saye mako guda gara a tara shi a biya ɗigo tun kafin lokaci.

Hajiya Balaraba, Garwa:
Malam, zakarun nan biyu na kasuwa suna tsaya mini a rai. Su ne suka fara kwantawa.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Ba zan iya yanke hukunci ba tun da cutar tana unguwa, amma zarginki yana da tushe. Mai kaji a ƙauye da ya ga biyu sun mutu, abin da yake yi shi ne ya kwashe sauran ya kai kasuwa kafin ya yi asara, shi ya sa kaza takan yi araha ba dalili a lokacin annoba. Duk kazar da ta shigo gida, saye ko kyauta, a tsare ta ita kaɗai mako biyu, nesa da akurki, da kaskon ruwanta daban. In lafiyarta ƙalau a yi mata rigakafi a ranar da ta zo, idan akwai magani a hannu, mako biyun ya yi aiki biyu ke nan. Wadda ta mutu kuma a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a bola inda karnuka za su ja ta gida-gida. Haka nan gashi da kayan cikin kazar da aka sayo aka yanka.

Zan ƙara abu ɗaya, ko da ya ɗan kauce. Murar tsuntsaye tana kama da wannan cuta har ido ba ya rarrabewa, kuma an taɓa samun ta a yankin Marwa a 2006. Idan kajin da aka yi wa rigakafi a kan kari suka riƙa zubewa tare da waɗanda ba a yi wa ba, ko agwagi suka shiga mutuwa da yawa, kada a yanka a ci, a sanar da ofishin dabbobi mafi kusa, su ne za su aika samfur ɗakin gwaji na LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa. Ku na Cadi kuma kuna da na Farca a Injamena.

Malama Hadiza, Kusiri:
Saura batun ɗaukar maganin zuwa ƙauye. Mahaifiyata tana wani gari da babu wuta, kuma an ce mini I-2 ba ya buƙatar sanyi ko kaɗan.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Wanda ya gaya miki ya wuce gona da iri. Yana jure rashin firji na wasu kwanaki, amma ba ya jure rana, kuma zafin bazara a Kusiri yana haura digiri 40. A saye shi daga inda aka ajiye shi a firji, a duba ranar ƙarewarsa, a naɗe kwalbar a tsumma mai laima a sa a kwando mai huda-huda inda iska ke ratsawa, kada a sa a aljihu ko a leda a rataye a babur. Da an isa a ajiye a gindin randa a yi aiki washegari da asuba. Bayan an haɗa shi da ruwa, a ƙarar da shi a ranar, in ya yi yawa washegari, abin da ya saura a zubar a rami. Saboda haka kafin a buɗe kwalba a ƙirga kajin gidajen da suka yarda, a tabbatar kowa ya kulle nasa tun dare.

Alhaji Ɗanjuma, Ngawundare:
Kullewar nan ita ce aiki. Rabin kajin ƙauye a kan bishiya suke kwana, zabi kuwa ko magana ba a yi. Su ma ana yi musu ne?

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Zabi suna kamuwa, kuma ana yi musu idan an iya kama su, da dare ya fi sauƙi. Agwagwa kuwa takan ɗauki cutar ta yi ta yawo da ita ba tare da ta nuna alama ba, don haka raba makwancinta da na kaji ya fi amfani.

Hajiya Balaraba, Garwa:
Na gode Malam, na gode jama'a. Yanzu muna cikin Mayu, don haka zan fara da zagayen Yuni. Na yi magana da matan gidaje shida a layinmu, huɗu sun amince, kuma kajinmu gaba ɗaya sun kai kusan 90 har da ƙanana. Biyun da suka ƙi su ne masu kaji mafi yawa, kuma da namu suke kiwo. Zan roƙi mai unguwa ya sa baki. Abin da ban sani ba shi ne ko ofishin dabbobi na nan yana da na ɗigon a ƙaramar kwalba, ko kuwa na allura kaɗai za mu samu.

Malam Sani, malamin dabbobi, Gidar:
Ki je ki tambaya tun yanzu, Hajiya, kada ki bari sai Yuni, domin in babu a hannu su samu lokacin nemowa. In na allura kaɗai aka samu, a yi wa manya da matasa, a karanta a jikin kwalbar adadin da aka ƙayyade wa ƙanana, a kuma rubuta ranar da adadin kowane gida a littafi. Ki sa mai allurar ya faɗi ranar da zai dawo wa waɗanda aka tsallake kafin ki biya shi.

Musa Direba, Injamena:
Hajiya, idan kin samu na ɗigon ki sanar da mu a nan girman kwalbar da kuɗinta, domin ina bin hanyar Garwa ƙarshen wata, kuma motata tana da akwatin ƙanƙara.